Sharhi: Yayan Karatu da Ƙanen Karatu a Firamarorin Kumbotso

Sharhinmu na yau ya leƙa makarantun firamare na ƙaramar hukumar Kumbotso, daga Sheka da Na'ibawa zuwa Panshekara da Zawaciki, inda 'ya'yan ma'aikatan kamfanonin Challawa da Sharada da Bompai suka cika azuzuwa maƙil. Maganar da za mu tattauna ita ce yadda za a haɗa babban ɗalibi da ƙarami su riƙa karatu tare, a yi shi da tsari, ba a yi shi da ka ba.

Mu soma da ɗan lissafi. A ce aji uku yana da yara 90, darasin karatu kuma minti 30 ne. Idan Malama ta ce sai ta saurari kowane yaro yana karantawa, rabon kowa sakan 20 ne, kuma ba a cire lokacin kiran suna da tsawatarwa ba. To karatu kamar tuƙin keke yake, ba a iya shi da kallo. Sai yaro ya buɗe baki ya karanta, wani na gefe yana jin inda ya yi tuntuɓe. A gida kuma, uba yana aikin dare a kamfani ko ya fita tun asuba sai bayan isha'i, uwa tana fama da sana'arta. Kunnen da ya rage mana, wanda yake da yawa kuma ba a biyansa albashi, shi ne kunnen yaran manyan azuzuwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba kullum Malam yake biya wa kolo karatu ba. Titibiri ne ko gardi yake zama da shi, ya nuna masa babbaƙu da tsinke, ya biya masa har ya riƙe, sannan a je gaban Malam a yi ɗori. Turawa ma a wajen wasu suka gani. Wani limamin coci ɗan ƙasar Sukotlan mai suna Andrew Bell ya ga yara a Madras ta ƙasar Indiya suna koyon rubutu a kan yashi, ya sa manyan yara suna koyar da ƙanana a gidan marayun da yake shugabanta, ya kuma wallafa bayanin tsarin a 1797. Joseph Lancaster ya buɗe irin wannan makaranta a Landan a 1798. Tsarin ya bazu, daga baya ya dusashe, domin an mai da yaro malami, aka bar shi da aikin maimaita abin da shi kansa bai gane ba. A wancan tsarin monita ake ce wa irin wannan yaro, kuma mun san abin da monita ya koma a wajenmu: mai rubuta sunan masu surutu, mai riƙe wa Malam bulala.

Saboda haka abu na farko da za a tsayar shi ne wannan. Yayan karatu ba malami ba ne, ba kuma monita ba ne. Ba zai koyar da sabon darasi ba, ba zai yi hukunci ba. Aikinsa ya saurara, ya yi haƙuri, ya gyara. Duk sauran tsarin a kan wannan aka gina shi.

Kafin a haɗa kowa da kowa, sai an gwada. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk wanda yake aji biyar ya iya karatu. Malaman da suka yi aiki da shirin KaLMA, wanda aka soma a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa tare da hukumar SUBEB ta Kano, sun san ba haka abin yake ba, domin shirin kansa an kawo shi ne saboda yaran aji huɗu zuwa shida da ba su riƙe tushen karatu ba. Gwajin da suke yi mai sauƙi ne, kuma kowace makaranta za ta iya ara. Takarda ɗaya ce mai matakai: haruffa, kalmomi, 'yar gajeriyar sadara, sai ɗan labari. Ana kiran yaro shi kaɗai, a ba shi sadarar. In ya wuce, a ba shi labarin. In ya kasa, a sauko da shi kalmomi, in ya kasa a sauko haruffa. Minti biyu zuwa uku ya isa kowane yaro. Malamai biyu za su gama azuzuwa biyu cikin mako ɗaya.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata firamare ce a Panshekara, aji biyar yana da yara 80, aji uku yana da 90. An yi gwaji, sai aka tarar a aji biyar yara 30 ne suka karanta labarin ba gargada, suka kuma amsa tambaya a kansa. A aji uku kuma yara 30 ba su gama sanin haruffa ba, sauran 60 suna iya haɗa gaɓa ko su karanta kalma suna ja.

To yayyen karatu 30 ne ke nan, ba 80 ba. Kowane yaya zai ɗauki ƙanne biyu daga cikin 60 ɗin nan. Yara 30 da ba su san haruffa ba, ba a ba wa yaro su. Waɗannan rabon Malamar aji uku ne, domin koyar da sautin harafi aikin wanda ya ƙware ne, kuma ga dama ta samu: yau yara 30 ne a gabanta maimakon 90. Haka Malamin aji biyar zai zauna da nasa 50 ɗin da suka rage, ya koma da su tushe ba tare da kunyar waɗanda suka fi su ba. Wato da rabo ɗaya an jefi tsuntsu uku. Sai dai rukunonin nan 30 suna buƙatar babba guda da zai riƙa zagayawa a tsakaninsu, ko mataimakin hedimasta, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ya zo koyon aiki, ko malamin da ba shi da darasi a lokacin. In babu wannan mutum na uku, a rage yawan rukunonin, kada a bar yara su kaɗai.

Me ya sa aji biyar da aji uku, ba aji shida da aji ɗaya ba? Domin tazarar shekara biyu ta fi dacewa. In tazarar ta yi yawa, babban zai gaji, littafin ƙaramin ya zame masa wasan yara, ba zai ƙaru da komai ba. In kuma sa'o'in juna ne, ƙaramin zai ce wa ya ba ka ikon gyara mini. 'Yan aji shida kuma hankalinsu yana kan jarrabawar fita. A yankin Fife na ƙasar Sukotlan, masana daga jami'o'in Durham da Dundee sun gwada wannan a firamare 129 tsawon shekara biyu, aka fitar da sakamakon a 2011. Abin da suka gano shi ne haɗa babba da ƙarami ya ɗaga karatun yara, haɗa sa'o'in juna kuwa bai yi wannan tasirin ba.

Wajen haɗawa kuma akwai dabara. A jera sunayen yayye daga wanda ya fi iyawa zuwa na ƙasa, a jera na ƙanne haka nan. Na farko a yayye ya ɗauki biyun farko a ƙanne, na biyu ya ɗauki biyun da ke biye, har ƙasa. Mutane da yawa za su ce ai gwanin gwanaye ya kamata a ba wa mafi rauni. A'a. In aka yi haka, a ɗaya ƙarshen za a wayi gari yaya mai rauni ya haɗu da ƙanen da ya kusa fin shi, girma ya faɗi. Shi kuma gwanin, wanda karatu ya zo masa da sauƙi, sau da yawa shi ne mafi ƙarancin haƙuri da mai jan baki. Bayan an jera, sai Malamai su duba da idon sanin hali: mata da mata, maza da maza, kada a haɗa 'yan gida ɗaya domin rigimar gida za ta biyo su, kada kuma a haɗa yaro da wanda aka san yana cin zalinsa a hanya.

Ba wa yaya ƙanne biyu yana da wata fa'ida a irin unguwanninmu. Fashi ya yi yawa. Yau wannan an tura ta talla, gobe wancan ya kai abincin sayarwa bakin kamfani. In ƙane ɗaya bai zo ba, yaya yana da na biyun. In yayan ne bai zo ba, ƙannensa su raɓu da rukunin da ke kusa da su a jeri.

Yanzu ga zuciyar maganar, wato horar da yayye. Zama uku na rabin awa ya isa, amma ba a tsallake shi. Malam zai zauna a gabansu ya zama ƙane, ya riƙa yin kuskure da gangan, su kuma suna gwada gyarawa. Abin da za a koya musu bai wuce ƙa'ida huɗu ba.

Ta farko, zama gefe da gefe, ba fuska da fuska ba, kuma takardar tana hannun ƙane, yatsansa a ƙarƙashin kalmar da yake karantawa. Ta biyu, a soma da karantawa tare, murya biyu a lokaci guda, yaya yana rage gudu daidai da na ƙane. Idan ƙanen ya ji zai iya shi kaɗai, sai ya ɗan taɓa hannun yayan, yayan ya yi shiru. Wannan salo ne da Farfesa Keith Topping na Jami'ar Dundee ya daɗe yana yaɗawa, kuma hikimarsa ita ce ƙaramin ne yake zaɓar lokacin da za a sake shi.

Ta uku ita ce mafi wuya. Idan ƙane ya tsaya ko ya yi kuskure, yaya ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a zuciyarsa kafin ya ce uffan. Sakan huɗun nan su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro take aiki. In an cafe masa kalmar tun bai gwada ba, abin da zai koya shi ne ɗaga kai ya kalli bakin yaya, ba kallon takarda ba. In sakan huɗu suka wuce bai samo ba, yaya ya nuna kalmar, ya faɗe ta daidai, ƙanen ya maimaita, su ci gaba tare. Ba dogon bayani, ba tsaki. Ta huɗu, yabo, kuma a faɗi abin da aka yaba. Ba "yawwa" kawai ba, a ce "Madalla, ka gyara da kanka."

Na taɓa tsayawa a barandar wata makaranta ina kallon wata yarinya 'yar aji biyar da ƙanwar karatunta. Ƙaramar ta zo kan jimlar da ke cewa ƙafar akuya ta karye, sai ta karanta "kafar". Babbar ta buɗe baki, sai ta tuna, ta rufe. Ina ganin yatsunta suna motsi a ƙarƙashin hijabi, tana ƙirge. Kafin ta kai huɗu ƙaramar ta ce, "Yaya, wannan mai lanƙwasa ce ko?" Ta ce, "Duba dai." Sai yarinyar ta ce, "Ƙafar!" Babbar ta ce, "Kin gani, ke kika gano, ba ni na faɗa miki ba." Wannan shirun da ta yi shi ne darasin gaba ɗaya.

Rubutun Hausa yana da sauƙi, domin yawanci yadda aka rubuta haka ake faɗa. Amma yana da wurare uku da yara suke tuntuɓe, kuma ya kamata yayye su san su. Akwai haruffa masu lanƙwasa, inda kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, suke rikita yaro. Akwai tagwayen haruffa irin na tsintsiya da shinkafa da ƙyalle, waɗanda yaro yake son ya raba su. Na ukun ya fi ɓoyuwa: rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na masara da gari na mutane rubutunsu ɗaya. Kuka ta miya da kuka na hawaye haka. Yaron da yake furta haruffa ba ya bin ma'ana, a nan asirinsa yake tonuwa, za ka ji ya karanta garin tuwo da muryar garin Kano. In yaya ya ji haka, ya ce a sake jimlar daga farko, ya tambaya, "Wane garin ake nufi?"

Sai maganar abin karantawa. A soma da Hausa, harshen da yaro yake tunani da shi. Kada a miƙa wa ɗan aji uku Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a ce ya fara da ita. Wannan yaya ne zai karanta musu shafi guda a ƙarshen mako don kwaɗaitarwa. Ga ƙanne, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu sun fi kusa, ko littattafan Mu Karanta in makaranta ta samu. Hanyar gane ko shafi ya dace mai sauƙi ce: ƙane ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi a lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafi ya ƙare, ya yi masa nauyi. In ba a lanƙwasa ko ɗaya ba, ya yi masa sauƙi. Biyu ko uku shi ne daidai.

Inda babu littafi, Allah ya hore wa Kumbotso kwali. A yanka kwalayen kaya daidai faɗin littafin rubutu, Malamai su rubuta gajerun labarai da babban rubutu, jimla biyar zuwa takwas, a kan abin da yara suka sani: motar ma'aikata da ke tashi da safe, mai kurar ruwa, ranar da kogin Challawa ya cika. A yi kati 40 a raba su mataki uku, a sa wa kowane lamba, a riƙa juya su tsakanin rukunoni. Juyawar nan wajibi ce, kuma ga dalili. Yaranmu gwanayen hadda ne. In kati ya kwana uku a hannun yaro, zai rera maka shi tas, alhali bai karanta ko kalma ɗaya ba. A makarantar allo hadda abin nema ce, a nan kuwa ita ce take ɓoye ciwon. Yadda ake kama ta shi ne a dubi yatsa: baki yana ƙarshen layi, yatsa yana tsakiya. Ko a nuna kalma ɗaya daga tsakiyar kati a ce, "Wannan fa?"

Lokaci kuma minti 20 ne, sau uku a mako, a ce Litinin da Talata da Alhamis, tsawon mako goma a zango. A sa shi bayan an dawo daga tara, lokacin 'yan makara sun iso, ciki kuma ba ya kuka. Minti biyu na zama da duba kati, minti bakwai ƙane na farko, ɗayan yana bi da yatsa, minti bakwai na biyun, sai minti huɗu na tambaya: wa aka ambata, me ya faru, me kake gani zai biyo baya. Daga nan yaya ya rubuta kwanan wata da lambar kati da kalmomin da suka gagara a bayan littafinsa. Mu koma lissafinmu na farko. Minti bakwai sau 30 a zango ya ba da minti 210, wato awa uku da rabi yaro yana karatu wani yana sauraronsa, a maimakon sakan 20 a darasi.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa duk inda aka haɗa yara sai an ga alheri. A Ingila an gwada irin wannan karatu na bibbiyu a wasu makarantun sakandare, rahoton da ya fito a 2015 bai nuna wani ci gaba ba. Don haka sai an sa ido. Alamomin lalacewa a bayyane suke. In ka shiga ka tarar takarda a hannun yaya, shi ke karatu ƙanne na kallo, tsari ya juye. In ka ji duk wurin ya ɗauki amshi murya ɗaya, an koma rera hadda. In yaro ya soma fashi a ranakun karatu kaɗai, a bincika, wataƙila ana zunguri ko ana karɓe masa kuɗin tara. Dokar a faɗe ta a gaban kowa tun ranar farko: ba duka, ba zagi, ba aike, ba karɓar komai, kuma ba a keɓewa inda idon Malam ba ya kaiwa. Ƙanen da ya ce a canja masa yaya, a canja ba tare da an tsare shi da tambaya ba.

Iyayen yayye za su zo su ce an mai da 'ya'yansu malaman da ba albashi. Suna da gaskiyar tambaya, kuma amsar ba ta baki ba ce. A makon farko, a ba kowane yaro, babba da ƙarami, sabon labari ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a rubuta. A mako na goma a sake, da wani labarin da bai taɓa gani ba amma nauyinsu ɗaya. A kira iyaye a nuna musu lambobin biyu. In na yayye bai motsa ba, an ba su abin da ya yi musu sauƙi da yawa, a ƙara musu nasu karatun. In na ƙanne ne bai motsa ba, a koma kan horo, galibi za a tarar ba a jiran sakan huɗun nan.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma gina azuzuwa da ɗaukar malamai suna wuyanta, yayan karatu ba zai sauke mata wannan nauyi ba. Amma yaron da yake aji uku bana ba zai tsaya jira ba, baɗi yana aji huɗu. Muna kira ga sakataren ilimi na Kumbotso da hedimastoci da kwamitocin makarantu su zaɓi aji biyu kacal a zango mai zuwa su gwada, su auna a farko, su auna a ƙarshe. Masu kamfanonin Challawa da Sharada da Bompai, kwali da alƙalamin rubutu ba za su gagare ku ba. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo gida, ku tambaye shi sunan yayan karatunsa da lambar katin da ya karanta yau.